Kalmomin sirri miliyan 36 a hannun masu kutse: abin da bcrypt ya tsare da ƙofar da aka manta a buɗe

Wannan nazari ne a kan wani kamfani da ke birnin Toronto na ƙasar Kanada, mai shafin haɗa maza da mata a intanet, wanda aka kwashe rumbun bayanansa aka watsa wa duniya a shekarar 2015. Cikin abin da aka watsa har da jerin kalmomin sirri na asusu kusan miliyan 36. A makonnin farko masu fasa kalmar sirri sun yi ta fama da jerin ba su samu abin kirki ba. Kafin wata guda ya cika kuma sai ga sama da miliyan 11 an fasa su. Jeri ɗaya ne, bai canza ba. Abin da ya canza shi ne inda aka kai farmakin.

## Kafin 2012: yadda aka ajiye kalmomin

Shafin da ya san abin da yake yi ba ya ajiye kalmar sirri yadda mai ita ya rubuta. Yana zuba ta cikin wani lissafi da ke niƙe ta ya fitar da jerin haruffa da lambobi, wato hash, sai ya ajiye wannan sakamakon. Kamar hatsi ne da aka kai inji: daga tsaba ana samun gari, amma daga gari ba a komawa tsaba. Idan mai asusu ya dawo ya rubuta kalmarsa, sai a sake niƙa abin da ya rubuta a gwada da wanda ke ajiye. In sun zo ɗaya a buɗe masa.

Ɓarawon da ya saci jerin hash ba zai iya juya lissafin baya ba, saboda haka hanya ɗaya ta rage masa, ita ce cinka. Zai ɗauki kalma, ya niƙa ta da irin lissafin da shafin ya yi amfani da shi, ya duba ko sakamakon yana cikin jerin. Duk tsaron kalmar sirri bayan an saci rumbu ya rataya ne a kan tambayoyi biyu: cinka nawa ɓarawo zai iya yi a daƙiƙa ɗaya, kuma cinka ɗaya asusu nawa take taɓawa.

Tsofaffin lissafai irin su MD5 da SHA-1 an gina su ne don sauri. Kuma in ba a haɗa musu komai ba, kalma ɗaya sakamako ɗaya take bayarwa a ko'ina. Duk wanda kalmarsa `123456` ce, a kowane shafi yake a duniya, MD5 zai mayar da ita haka:

```
e10adc3949ba59abbe56e057f20f883e
```

Wanda ya saba aikin da ido ma yake gane wannan jerin. Abin da ya sami LinkedIn ke nan a watan Yunin 2012, lokacin da hash kusan miliyan 6.5 na SHA-1 marasa gishiri, wato waɗanda ba a haɗa musu komai ba, suka fita, aka fasa mafi yawansu cikin 'yan kwanaki.

Kamfanin da muke magana a kansa bai bi wannan hanya ba a babban gurbin kalmar sirri. Ya yi amfani da bcrypt, lissafin da Niels Provos da David Mazières suka gabatar a 1999 don tsarin OpenBSD, wanda aka gina a kan tsarin ɓoye saƙo na Blowfish. Abin da bcrypt ke ajiyewa layi ne mai haruffa 60, ga siffarsa:

```
$2a$12$R9h/cIPz0gi.URNNX3kh2OPST9/PgBkqquzi.Ss7KIUgO2t0jWMUW
```

`$2a$` na nuna nau'in bcrypt ɗin. `12` ita ce lambar nauyi. Haruffa 22 da ke biye su ne gishiri, sauran 31 kuma su ne hash ɗin kansa.

Gishiri wasu bayit 16 ne da na'ura ke zaɓa kara-zube ga kowane asusu, a haɗa su da kalmar kafin a niƙa. Ba sirri ba ne, ga shi nan a fili kusa da hash, kuma duk wanda ya saci rumbun ya same shi. Aikinsa shi ne ya raba mutane. Mutum dubu ɗari da suka zaɓi `123456` za su sami hash dubu ɗari mabambanta, don haka ɓarawo ba zai gane cewa kalmarsu ɗaya ba, ba zai yi amfani da kundin da aka riga aka lissafa tun tuni ba, kuma dole ya maimaita kowace cinka a kan kowane asusu daban.

Lambar nauyi kuwa ita ke sa lissafin jan ƙafa. Bcrypt yana maimaita shirin mabuɗinsa sau 2 a ninke gwargwadon lambar, wato 12 na nufin zagaye 4,096. Ƙara ɗaya a lambar yana ninka aikin biyu. A kan saba ta yau da kullum, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, nauyi 12 yana cin kusan rubu'in daƙiƙa. Mai shiga asusunsa sau ɗaya ba zai ma lura ba, amma mai son yin cinka biliyan zai ji a jikinsa. Akwai kuma wani abu a ginin bcrypt: kowane lissafi yana ta karantawa yana sake rubuta wani teburi mai girman kusan kilobayit 4 a ma'ajiyar na'ura. Katin hoto na kwamfuta, wanda masu fasa kalmomi ke dogaro da shi saboda yana ɗauke da ƙananan injinan lissafi dubbai, bai da wadatar ma'ajiya mai sauri da zai ba kowane inji nasa teburin, sai yawancinsu su zauna jiran layi.

Sai dai a cikin rumbun akwai wani gurbi na biyu. Masu gina shafin sun so mutum ya riƙa shiga kai tsaye ba sai ya sake rubuta kalmarsa ba, sai suka ƙirƙiri wata alamar shiga mai suna `loginkey`. Yadda aka haɗa ta shi ne:

```php
$loginkey = md5(strtolower($username).'::'.strtolower($password));
```

Wato an ɗauki sunan mai asusu da ainihin kalmarsa ta sirri, aka mayar da duka ƙananan haruffa, aka niƙa da MD5, aka ajiye a rumbu ɗaya da hash ɗin bcrypt. Akwai kuma wani wuri na biyu a cikin manhajar da ke haɗa irin wannan alamar da ɗan bambanci: ban da suna da kalmar sirri, yana ƙara adireshin imel da wani jerin alamomi guda ɗaya da aka rubuta a cikin manhajar kanta.

## 14 ga Yunin 2012: gyaran da ya tsaya a rabi

Tarihin sauye-sauyen manhajar ya nuna cewa a wannan rana an gyara layin da ke sama. Daga nan abin da ake zubawa cikin MD5 ya koma hash ɗin bcrypt maimakon kalmar sirri tsirara. Ga sababbin asusu wannan ya toshe ƙofar, domin wanda zai gwada cinka a kan alamar dole ya fara bi ta bcrypt tukuna.

Amma gyaran ya tsaya a manhaja, bai shiga rumbu ba. Tsofaffin alamomin da aka riga aka lissafa suna nan yadda suke. Ba a goge su ba, ba a sake lissafa su ba, ba a kuma tilasta wa masu su canza kalma ba. Suka zauna shekara uku, kowace tana ɗauke da sawun kalmar sirrin mai ita.

## Yuli zuwa Agustan 2015: kutse da watsa bayanai

A tsakiyar watan Yulin 2015 wasu masu kutse da suka kira kansu Impact Team suka sanar cewa sun kwashe bayanan kamfanin, suka ce a rufe shafin ko su watsa. Kamfanin bai rufe ba. Ranar 18 ga Agusta suka saki kashi na farko, kusan gigabayit 10 a matse, ɗauke da bayanan masu asusu da jerin kalmomin sirri. Bayan kwana biyu, ranar 20 ga wata, suka saki kashi na biyu wanda ya fi girma, a cikinsa har da wasiƙun cikin gida da rubutun manhajar shafin tare da tarihin sauye-sauyensa.

Daga wannan rana duk wata kariya da ke bakin ƙofar shafin ta daina amfani. Ƙa'idar kulle asusu bayan kuskure uku, jinkirta mai yawan gwaji, tambayar tabbatar da cewa mutum ne ba na'ura ba, duk waɗannan suna aiki ne a kan wanda ya zo ta shafin. Wanda ke da kwafin rumbun a kwamfutarsa ba ya neman izinin kowa, yana gwaji dare da rana gwargwadon ƙarfin na'urarsa.

## Ƙarshen Agustan 2015: farmaki kai tsaye a kan bcrypt

Wani mai binciken tsaro ya gwada abin da kowa zai fara gwadawa. Ya ɗauki na'ura mai katin hoto huɗu ƙirar AMD R9 290, ya ɗora manhajar oclHashcat, ya ware hash miliyan 6 daga jerin, ya fara gwada su da kundin RockYou. Wannan kundi ya samo asali ne daga kutsen da aka yi wa kamfanin RockYou a 2009, inda kalmomin sirri kusan miliyan 32 suka fita a fili ba niƙa ba komai. Bayan cire maimaici ya rage kusan miliyan 14, kuma har yau shi ne abin da masu fasa kalmomi ke fara buɗewa.

Na'urar ta riƙa yin cinka 156 a daƙiƙa. Bayan kwana biyar ya dakatar da aikin da kalmomi kusan 4,000 a hannu, kuma waɗanda suka fi yawa cikinsu su ne irin su `123456` da `password` da `12345`.

Yana da kyau a tsaya a yi lissafin, domin a nan ne ake ganin aikin gishiri da na jan ƙafa kowane daban.

A ɗauki asusu guda ɗaya tak. Gwada masa kundin RockYou gaba ɗaya, miliyan 14 a kan 156 a daƙiƙa, zai ci kusan awa 25. Wannan aikin jan ƙafa ne. Da MD5 ne, wanda katin hoto irin wannan ke lissafawa sau biliyoyi a daƙiƙa, da an gama kafin ƙiftawar ido.

Yanzu a juya. A ɗauki kalma ɗaya tak, a ce `123456`, a gwada ta a kan dukan asusu miliyan 36. Da babu gishiri, lissafi ɗaya ya isa: a niƙa ta sau ɗaya, a nemi sakamakon a jerin, duk masu ita su bayyana lokaci guda. Da yake kowane asusu da nasa gishirin, dole a niƙa ta sau miliyan 36, wanda a wannan na'ura zai ci kusan awa 64. Kwana biyu da rabi har da ɗori, don kalma guda.

In aka haɗa biyun, kundin gaba ɗaya a kan jerin gaba ɗaya, lissafin miliyan 14 sau miliyan 36 ne, a raba da 156. Abin da ke fitowa ya haura shekara 100,000. Ko da mutum ya tara irin wannan na'ura dubu, yana da aikin shekara ɗari a gabansa. Gishiri da jan ƙafa ninka juna suke yi, shi ya sa adadin ya kai haka.

Wannan gwaji ya nuna iyakar bcrypt shi ma. Kalmomi 4,000 ɗin da suka faɗi sun faɗi ne saboda suna sahun farko a kowane kundi. Bcrypt yana tsawwala kuɗin kowace cinka, amma wanda za a cinko kalmarsa a gwaji na farko ko na goma bai amfana da tsadar ba. Haka ma wanda aka sa wa ido shi kaɗai. Misali, mai amfani da lambar wayarsa ta Najeriya a matsayin kalmar sirri yana ganin ya sa lambobi 11, alhali in an san lambobi huɗu na farko irin su 0803, saura bakwai ne, wato cinka miliyan 10. A kan 156 a daƙiƙa hakan bai kai awa 18 ba. In kuma lambar tana cikin bayanan da aka sata tare da rumbun, gwaji ɗaya ne.

A ƙarshen Agusta ra'ayin masana shi ne, duk da ɓarnar da kutsen ya yi wa mutane ta wasu fuskoki, kalmomin sirrin da ke da ɗan ƙarfi sun tsira.

## Satumbar 2015: hanyar bayan gida

Wata ƙungiyar masu fasa kalmomi don sha'awa, CynoSure Prime, ba ta ɓata lokaci a kan bcrypt ba. Ta zauna ta karanta rubutun manhajar da ya fita a kashi na biyu, tana neman duk inda kalmar sirri ke ratsawa. A nan ta ci karo da layin `loginkey` da tarihin gyaran 14 ga Yunin 2012. Ta ware asusu kusan miliyan 15.26 waɗanda alamarsu ta MD5 ke da rauni. Ranar 10 ga Satumba ta sanar cewa cikin kimanin kwana goma ta fasa sama da miliyan 11.2, daga baya adadin ya kai kusan miliyan 11.7.

Aikin mataki biyu ne. Na farko, a yi cinka a kan alamar MD5. Abin lura a nan shi ne wannan alamar tana da wani irin gishiri, domin sunan mai asusu yana cikin abin da aka niƙa kuma kowa da nasa sunan. Saboda haka dole ne a maimaita kowace cinka ga kowane asusu, kamar dai yadda yake a bcrypt. Amma a sake lissafin da aka yi a sama. Kundin miliyan 14 a kan asusu miliyan 15 ya ba da gwaji tiriliyan 210. Na'urar da ke yin MD5 sau biliyan 10 a daƙiƙa za ta gama wannan cikin kimanin awa 6. Gishiri yana nan, jan ƙafa ne babu, sai aikin dubban shekaru ya koma na yini ɗaya. Ƙungiyar da kanta ta kimanta cewa wannan hanya ta fi kai wa bcrypt farmaki sauri kusan sau miliyan.

Mayar da kalmar ƙananan haruffa ya ƙara sauƙaƙa musu. Kalma mai tsawon 8 da za a iya haɗawa daga manyan haruffa da ƙanana da lambobi tana da yiwuwa 62 a ninke sau 8, kusan tiriliyan 218. In aka cire manyan haruffa sai ta koma 36 a ninke sau 8, kusan tiriliyan 2.8. Filin nema ya ragu kusan sau 77. Mutumin da ya wahalar da kansa ya cuɗa manya da ƙanana, manhajar ta zubar masa da wahalarsa ba da saninsa ba.

Wancan jerin alamomi da aka ƙara a nau'i na biyu na alamar bai hana komai ba. Da yana ajiye a wani wuri daban da masu kutse ba su kai ba, da ya zama shinge na gaske, domin ba a iya gwada cinka ba tare da shi ba. Amma an rubuta shi a cikin manhaja, manhajar kuma ta fita tare da rumbun.

Mataki na biyu shi ne gano ainihin siffar kalmar. Abin da MD5 ya bayar ƙananan haruffa ne zalla, sai a koma kan hash ɗin bcrypt na wannan asusun a gwada. Kalma mai haruffa 8 tana da siffofi 256 in ana jujjuya kowane harafi tsakanin babba da ƙarami. Ko a kan 156 a daƙiƙa, ƙasa da daƙiƙa biyu ne. Kuma ga mafi yawan asusun gwajin farko ya wadatar, domin kusan tara cikin goma na mutanen ba su sa babban harafi ko ɗaya ba. Bcrypt a nan bai karye ba, an dai zo masa da amsar a hannu, shi kuma ya tabbatar.

Jerin da ya fito ya nuna `123456` a gaba, asusu sama da 120,000, sai `12345` da `password`. Sama da asusu 600,000 sunansu na shiga shi ne kalmarsu ta sirri.

Sauran asusun kusan miliyan 20 da ba su da alama mai rauni, bcrypt kaɗai ke tsaye a gabansu, kuma wannan dabara ba ta taɓa su ba.

## 2016 zuwa 2017: abin da ya biyo baya

Shugaban kamfanin ya sauka tun ƙarshen Agustan 2015. A watan Agustan 2016 hukumomin kare sirrin jama'a na Kanada da Ostireliya suka fitar da rahoton haɗin gwiwa, inda suka sami kamfanin da sakaci wajen tsaro, har da ajiye wasu mabuɗai da kalmomin sirri na cikin gida a fili da rashin tabbaci mai mataki biyu ga ma'aikatan da ke shiga daga nesa. A Disambar 2016 ya sasanta da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, da wasu jihohin ƙasar a kan dala miliyan 1.6. A Yulin 2017 ya amince ya biya dala miliyan 11.2 a ƙarar da masu asusu suka shigar a dunƙule.

Ga masu asusun da aka fasa kalmominsu, haɗarin bai tsaya a wannan shafin ba. Adireshin imel yana kusa da kowace kalma, kuma masu kutse kan ɗauki irin wannan jeri su riƙa gwadawa a akwatin imel da shafukan sada zumunta da na banki. Duk wanda ya yi amfani da kalma ɗaya a wurare da yawa, faɗuwarta a nan ta buɗe sauran.

## Hukunci

Zaɓen bcrypt da nauyi 12 daidai ne, kuma a wancan lokaci ya fi abin da yawancin shafuka ke yi. Shaidar ita ce cinka 156 a daƙiƙa da kuma asusu miliyan 20 da hanyar bayan gida ba ta kai gare su ba. Abin da ya kayar da kamfanin shi ne kalmar sirri ɗaya tana ajiye a siffa biyu, mai ƙarfi da mara ƙarfi, ɓarawo kuwa mara ƙarfin yake nema. Laifin mafi nauyi, a ganinmu, na ranar 14 ga Yunin 2012 ne, domin a ranar wani ya taɓa layin ya gyara shi, amma ba wanda ya koma ya tambayi halin da miliyoyin tsofaffin alamomi ke ciki.

Gyaran da ya kamata bai da tsada. Alamar shiga ba ta da dalilin ɗaukar komai daga kalmar sirri. Ana samar da ita kara-zube, a ba mai asusu, a ajiye hash ɗinta kawai a rumbu tare da ranar ƙarewarta. A PHP na yau, harshen rubuta manhaja, layi biyu ne:

```php
$token  = bin2hex(random_bytes(32));
$stored = hash('sha256', $token);
```

A nan lissafi mai sauri bai da illa, domin bayit 32 na kara-zube ba abin da kundi ko cinka za su cim ma ba ne. Jan ƙafa ana bukatarsa ne ga abin da ɗan Adam ya zaɓa da kansa. Da a 2012 an goge gurbin `loginkey` gaba ɗaya, abin da zai faru kawai shi ne kowa ya sake rubuta kalmarsa sau ɗaya.

Inda kuma tsohon hash mai rauni shi ne kaɗai abin da ake da shi, kamar shafin da ya gaji MD5 yana son komawa bcrypt, ba a jira mutane su shigo ɗaya bayan ɗaya, domin da yawa ba za su sake dawowa ba kuma nasu ne zai zauna a buɗe. Ana bin rumbun gaba ɗaya a niƙa kowane tsohon hash da bcrypt, a sa wa layin alamar cewa mai ninki biyu ne, a goge tsohon. Ranar da mai asusun ya shigo da kalmarsa sai a maye gurbin da bcrypt zalla. Ana kuma bin tsofaffin kwafin ajiya na rumbun, da rumbun gwaji, da fayilolin da saba ke rubuta abin da ke faruwa, domin tsohon hash ko kalma tsirara kan maƙale a waɗannan wuraren bayan an share babban rumbu.

Lambar nauyi ana auna ta ne a kan sabar da za ta yi aikin. A gwada 10, 11, 12, 13, a ɗauki mafi girma da saba za ta iya ɗauka a lokacin cunkoso ba tare da shiga ta wuce kusan rabin daƙiƙa ba. Ƙungiyar tsaron manhaja ta OWASP ta sa 10 a matsayin mafi ƙaranci, PHP kuma ya ɗaga tsohon saitinsa daga 10 zuwa 12 a fitowa ta 8.4. Da yake lambar tana rubuce a jikin kowane hash, ana iya ɗaga ta a hankali:

```php
if (password_verify($pw, $hash) &&
    password_needs_rehash($hash, PASSWORD_BCRYPT, ['cost' => 12])) {
    $hash = password_hash($pw, PASSWORD_BCRYPT, ['cost' => 12]);
}
```

`password_hash` da kansa yake samar da gishiri, kada mai gini ya ƙirƙiri nasa daga suna ko imel. A kuma tuna cewa bcrypt bayit 72 na farko kaɗai yake karantawa, abin da ya wuce haka yana watsar da shi, don haka kada a jera suna da wasu abubuwa a gaban kalmar kafin a miƙa masa. Mai fara sabon shafi yau zai fi kyau ya ɗauki Argon2id, daga dangin Argon2 da ya lashe gasar lissafin kalmar sirri a Yulin 2015, domin shi ana iya sa masa ya ci ma'ajiya mai yawa. OWASP ta ba da mafi ƙarancin saiti na mebibayit 19 da zagaye biyu, wanda ya fi kilobayit 4 na bcrypt takura katin hoto nesa ba kusa ba.

Binciken da ya fallasa wannan kamfani kowane mai shafi zai iya yi wa kansa a yini ɗaya. A nemi `md5(` da `sha1(` a cikin manhaja, a bi kowane wuri da `$password` ke ratsawa tun daga fom har rumbu. Sannan a buɗe teburin masu asusu a duba kowane gurbi: layi mai haruffa 60 da ya fara da `$2a$` ko `$2b$` ko `$2y$` bcrypt ne, mai haruffa 32 na lambobi da a zuwa f galibi MD5 ne, mai 40 kuma SHA-1. Duk gurbin da ke da siffa ta biyu ko ta uku, a gano me aka zuba aka niƙa, a kuma duba tarihin manhajar don sanin me ake zubawa shekarun baya, domin layukan da aka rubuta a wancan lokacin suna nan a teburin.